Wasiƙar Mai Ƙusa a Durowar Auta

Shekara talatin da ɗaya Mai Ƙusa ya yi yana sayar da abin da ba ya ruɓewa. Ƙusa, kwaɗo, sakata, guduma, zarto, waya, su ne kayansa, a wani matsattsen shago da ke ƙarshen layin masu kayan gini, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Sikelinsa na rataye a bakin ƙofa. Ribarsa kuwa, kai, abin tausayi, har 'yan layin kan ce kaza ma ta fi shi samu a rana, ita da take tono. Ba ya kula su. Kowace takarda ta fita daga hannunsa, ko ta ƙusa rabin kilo ce, sai ya rubuta kwanan wata a samanta, ya hura hatimin shago, ya danna a ƙasa. Matarsa ta ce ranar da ya aiko mata saƙon cefane ma da hatimi ya zo.

Ba haka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyar tumatir yake saya a gona ya kai birni, kuma idonsa a tsaye yake kamar na kowane saurayi. Ya karɓi kuɗin abokansa huɗu, ya yi musu alkawarin ninki cikin kwana goma. Zuwan farko ya biya su. Na biyu ma ya biya, har da tukwici. A na uku babbar motar ta lalace a tsakiyar daji, kwana uku kaya na rana, tumatir ya koma ruwa yana ɗiga ta ƙasan bodi. Da ya dawo hannu rabbana, ɗaya daga cikin abokan nan, wanda suke cin abinci kwano ɗaya, ya zaro ƙarfen jak na ɗaga mota ya sauke masa a muƙamuƙi. Haƙora huɗu suka zube a ƙasa yana kallonsu. Ƙashin ya haɗe a karkace, kuma tun daga ranar, in ransa ya ɓaci, maganarsa sai ta cakuɗe a baki, miyau ya riga kalma fitowa. Shi ya sa in abu ya dame shi ba ya faɗa, rubutawa yake.

Abin da ya dame shi a wannan shekarar Auta ne, ɗan Gwaggonsa. Shekara kusan talatin ce tsakaninsu, amma wasa bai san shekaru ba, Auta ba ya kiransa komai sai Yaya Tsatsa. Mai aski ne, yana da shago a bakin tasha: kujeru biyu, babban madubi, fanka, da benci da ba ya rabuwa da mutane. Yaro ne mai shiga rai, bakinsa kamar an zuba zuma, yana aski yana ba ka dariya har ka manta an ƙwarzane ka a ƙeya. Mai Ƙusa na son yaron nan, so na gaske, shi ya saya masa injin aski na farko.

Wata rana ya je aski, Auta ya lulluɓe shi da ƙyalle ya sunkuyo kunnensa.

"Yaya Tsatsa, ka gaji da ƙirga ƙusa? Akwai wani Mai Kaji a bayan gari. Ka ba shi dubu ɗari, wata biyu ya ba ka ɗari da hamsin. Ba asara, shi ya ɗauke ta a wuyansa. Ni sau biyu ina karɓa."

Mai Ƙusa ya buɗe baki, kalmomi suka yi cunkoso, abin da ya fito bai wuce gurnani ba. 'Yan benci suka kwashe da dariya. Auta ya ce, "Kun ji, Yaya ya ce a sa masa dubu ɗari biyu." Mai Ƙusa ya tashi da rabin aski ya tafi.

Washegari ya yago takarda biyu daga littafin rasit, ya juya bayansu, ya rubuta kwanan wata, ya fara.

"Auta, bayan gaisuwa. Ka karanta wannan kai kaɗai, ban da dariya.

"Ka san dalilin da ribar ƙusa ba ta da yawa? Don ba abin da ke samunta. In ba a saya bana ba, a saya baɗi. Mai ƙwai ya fi ni riba don ƙwai na fashewa. Mai tumatir ya fi mai ƙwai don tumatir ba ya jiran kowa. Abin da ya hau bisa ƙaramar riba ba kyauta ba ne, ladan haɗari ne, ana biyanka ne don ka yarda wata rana ka tashi ba ko sisi. Duk inda riba ke da yawa kuma ba haɗari, mutane kan yi caa a kai har ribar ta sauko. In ka ga ba ta sauko ba, to akwai abin da manya suka hango suka ja baya.

"Tambayi kanka. Abin da banki zai karɓa a hannun Mai Kaji a shekara guda bai kai abin da ya ce zai ba ka a wata biyu ba. Me ya hana shi zuwa can? Mutum ba ya barin kuɗi mai araha ya nemi mai tsada sai in mai arahar ya ƙi shi. Ko sun duba sun ƙi, ko shi ne ba ya so a duba.

"Ban ce ɓarawo ne ba, ban san shi ba. Kiwon kaji sana'a ce ta gaske. In abinci bai yi tsada ba, cuta ba ta shiga ba, kasuwa ta yi kyau, mutum zai iya samun ɗaya bisa biyar. In cuta ta shiga, kwana huɗu ta share keji. Kaji ba su yi masa alkawarin rabi ba, ta yaya shi zai yi maka? Ya ce asara na wuyansa. Wuyan nan me ke bayansa, gida ko gona? In ba komai, to asarar na wuyanka, bai dai faɗa maka ba ne. Ranar da kaji suka mutu hanya biyu gare shi: ya faɗi gaskiya a yi masa duka, ko ya biya na jiya da kuɗin na yau. Yawanci ta biyun ake ɗauka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Ka ce an biya ka sau biyu. Ni ma sau biyu na biya abokaina, ka dubi bakina. Ba kowace babbar riba ce zamba ba, amma babu babbar riba marar haɗari, kuma shiga haɗarin ma ba ya tabbatar maka da ribar. Wanda ya haɗa maka riba mai yawa da tabbas a magana ɗaya, ɗayansu ƙarya ne. Ka cire kuɗinka tun ana biya. Yayanka."

Ya hura hatimi ya danna, ya ba wani direban da ke bi ta tasha. Bayan kwana uku Auta ya bugo waya, ba wasa a muryarsa. "Yaya, na karanta. Na gode." Mai Ƙusa ya yi ajiyar zuciya, ranar har ya ƙara wa wani kafinta ƙusa biyar kyauta. A ganinsa ya sauke nauyi, bai sake tayar da maganar ba.

Wata huɗu bayan nan, da hantsi, yana auna wa wani magini ƙusa, wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, kuka ya ci muryarta.

"Za su kashe min shi! Suna shagonsa, za su kashe min Auta!"

Bai ko rufe shago ba, shi da ke duba kwaɗo sau uku kullum. Ya haye bayan babur. A hanya mai babur ɗin ya ba shi labarin, don gari duk ya ɗauka. Sati uku ke nan Mai Kaji na cewa gobe, jibi. Yau da safe mutane suka gaji suka tafi gonar kajin. Suka tarar da kejuna wayam, gizo-gizo ya yi saƙa a mazubin abinci, a bayan gini kuma ga wani ƙaton rami da aka rufe da ƙasa, da suka tona sai gashin kaji da ƙasusuwa. Kajin sun mutu tun watanni. Mai Kaji ya cika wandonsa da iska tun shekaranjiya. Suka cinna wa kejunan wuta, sannan suka juyo neman wanda ya karɓi kuɗinsu hannu da hannu.

"Wa ke nan?" in ji Mai Ƙusa.

"Mai askin mana. Ai shi ke rubuta sunaye."

Wannan Mai Ƙusa bai taɓa sani ba.

Tun daga nesa ya hango taron, sun fi mutum sittin, sun toshe bakin tasha. Ya kutsa da kafaɗa, ana zaginsa yana wucewa. An ɓalle ƙofar shagon, babban madubin ya tarwatse, gilas na ƙara ƙarƙashin takalma. Fanka na lilo da waya ɗaya. Auta na kan kujerar aski, an yaga masa riga, girarsa ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani Mahauci, ƙato mai wuya kamar turmi, ya riƙe shi ta maƙogwaro. Wannan Mahaucin kuɗin shanu uku ya zuba, kuma ba nasa ba ne duka.

"Ina ya tafi?" Ya wanka masa mari. "Ina ubangidanka?"

"Wallahi ban sani ba! Ni ma cutata aka yi! Da na san haka ne, zan karɓi kuɗin Inna Mai Wanki? Ita da ta goya ni?"

Inna Mai Wanki na tsaye jikin bango, tsohuwa ce 'yar firit, hannuwanta duk sun tsattsage da sabulu. Kuɗin aikin idon mijinta ta kawo, don a ce wata biyu sun isa. Ba ta zagi kowa ba, kallon ƙasa kawai take. Ita ce ta ɗago ta ce, "Ku bar shi haka. Yaron nan a gabanmu ya girma. Shi ma ruɗarsa aka yi."

Maganarta ta yi aiki, wutar ta fara lafawa. Wani ya ce a kai shi wurin 'yan sanda kawai. Mahauci ya sassauta hannu. Mai Ƙusa ya matso ya tsaya kusa da kujerar, ya dafa kafaɗar Auta. A ransa yana lissafi: in ya sayar da kayan shago duka, da filin da ya saya wa 'ya'yansa, ƙila a rufe bakin mutum goma. Ko nawa ne, in dai za a fita da yaron nan da ransa.

Sai wani matashi da bai zuba ko sisi ba, irin 'yan a-fasa-kowa-ya-rasa, ya ce a duba durowa, ƙila akwai saura. Ya sa ƙafa ya doke ta. Durowar ta zube: reza, almakashi, hoda, wani littafi mai baƙin bango, da takarda biyu a ninke.

Mai Ƙusa ya gane su tun kafin su taɓa ƙasa. Shuɗin hatiminsa ya fito ta baya.

Wani Malamin makaranta ne ya tsince su, shi ma kuɗin sallamarsa daga aiki na ciki. Ya gyara tabarau ya fara karantawa a zuci, sai fuskarsa ta canja, ya ɗaga murya. Ya karanta tun daga "bayan gaisuwa". Bayanin ya fita tsaf, ko yaro zai gane, kuma abin takaicin ke nan, Mai Ƙusa bai taɓa jin maganarsa ta fita da kyau haka a gaban mutane ba. Da aka zo wurin "ya biya na jiya da kuɗin na yau", wata mata ta ɗora hannu a ka ta rusa ihu. Malamin ya kai ƙarshe: "Ka cire kuɗinka tun ana biya." Sannan ya koma sama ya karanta kwanan watan, a hankali, sau biyu.

Da takarda ce kawai ba kwanan wata, da Auta ya ce jiya aka kawo ta. Da ba hatimi, da ya ce bai san mai ita ba.

"Wata huɗu," in ji Mahauci. "Ni wata biyu da suka wuce na kawo nawa."

Malamin ya buɗe littafin mai baƙin bango. Sunaye ne jere, kowanne da abin da ya zuba, a gefe kuma da wani ɗan layi inda Auta ke rubuta nasa kason, ɗaya bisa goma na duk wanda ya kawo. A shafin farko sunan Auta ne a sama, an ja masa layi, an rubuta "na karɓa duka". Kwana tara bayan wasiƙar. Sunan Inna Mai Wanki yana shafi na shida.

Mai Ƙusa ya dubi Auta, Auta ya kau da kai.

"Kai ne mai hatimin?" Mahauci ya juyo kansa. "Ai kullum da sunanka yake cika mana baki. Wai Yayansa Mai Ƙusa, wanda ko allura ba ya saya sai ya gwada, ya duba harkar har ya rubuto masa takarda a kai. Ashe wannan ce takardar!"

"Ku... ku tsa..." Muƙamuƙin ya ƙi. Miyau ya zubo masa a haɓa.

Inna Mai Wanki ta tako har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba. "Bawan Allah, ashe ka sani. Ranar da ka zo aski muna nan, ni ina karɓar tawul ɗin wanki, benci cike da mutane. Ka sani, ka je ka rubuta wa naka shi kaɗai, har da cewa ya karanta shi kaɗai. Mu ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Ta juya ta fita, kuma fitarta ce ta ɓalle abin, don ita kaɗai ce ke tsakaninsu da yaron.

Mahauci ya fizgo Auta daga kujera ya yi jifa da shi waje. Taron ya rufe shi. Ƙafa, gora, bel, guntun bulo, duk abin da hannu ya samu. Wani ya ɗauko ƙafar bencin da aka karya yana saukewa a haƙarƙarinsa, ana jin ƙarar kamar ana faskare. Mutanen da yaron nan ya yi wa aski ranar aurensu, waɗanda ya yi wa 'ya'yansu aski bashi, su ne a gaba. Auta ya kira uwarsa, ya kira Yaya, daga baya ya daina kiran kowa.

Mai Ƙusa ya faɗa cikinsu. Tsoho ne mai shekara hamsin da shida, ba ƙarfin dambe gare shi ba, abin da ya iya kawai ya kwanta a kan yaron ya rufe masa kai da ƙirjinsa. Duka ya koma bayansa. Wani ya taka masa hannu har yatsu biyu suka ƙarye, dutse ya fasa masa ƙeya, ya ji jini mai ɗumi na bin wuyansa. Bai tashi ba. Yana ta ihu cikin ƙasa, shago zai sayar, fili zai sayar, zai biya, amma ba wanda ya gane abin da yake faɗa. Sai da aka ji jiniya daga nesa sannan aka watse, kowa ya kama gabansa, wasu har da injin aski a aljihu. Jiniyar ma ta motar wani babba ce da ke wucewa, ba ta ko tsaya ba.

Wani mai ɗaukar kaya a tasha ya ji tausayi ya ba da baronsa. Suka ɗora Auta, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ba motar da ta yarda ta ɗauke su, kowa na gudun jini da tambayar 'yan sanda. Mai Ƙusa ya kama baron da hannu ɗaya da rabi yana turawa, asibiti na can ƙarshen titi, rana ta take. Haushi da tausayi suka haɗe masa a ƙirji. Yana so ya rufe yaron nan da zagi, yana kuma so ya ɗauke shi ya goya.

A wajen rabin hanya Auta ya buɗe idon da ya rage. Numfashinsa na fita da wani kumfa ja.

"Yaya."

"Yi shiru. Mun kusa."

"Na ji maganarka fa. Sau uku na karanta. Na cire kuɗina, ko sisi ban bari ba." Ya yi tari, jini ya biyo. "Na ce tunda haɗarin na masu zubawa ne... ni rubuta suna kawai nake. Goma bisa ɗari, ina zaune. Ba abin da zan rasa."

Mai Ƙusa ya tsaya cak a tsakiyar titi, motoci na yi masa oda. Ɗaya bisa goma na kuɗin mutum sittin, don jan biro kawai. Wannan ma ai babbar riba ce, ta fi ta kajin nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa biyan irinta a banza. Ya cika takarda biyu a kan kuɗin yaron, bai sa layi ɗaya a kan na mutane ba, don bai taɓa zaton sai an faɗa ba.

"Ban yi daidai ba, Yaya?"

Ya sunkuya ya share masa baki da gefen rigarsa. "Ka yi shiru, Auta," ya ce, kuma wannan karon maganar ta fita sarai.

Ya ci gaba da turawa. A ƙofar asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta fito da gudu, ta ɗora yatsu a wuyan yaron, ta daɗe, sannan ta sauke hannunta ta dubi tsohon. Ta ce a shigo da shi ta ƙofar baya, shi kuma ya zo a ɗinke masa kai.

Bai bi ta ba. Ya zauna a kan dakalin ƙofar, don ya hango Gwaggo ta sauko daga babur, ba takalmi a ƙafarta, tana tambayar mai gadi ɗakin da aka kwantar da ɗanta.